Yanke Albashi Saboda Makara: Lissafinsa da Iyakarsa a Gaban Doka

A ofisoshi da masana'antu da yawa na ƙasar nan, akwai wani littafi da ake ajiyewa a bakin ƙofa kowace safiya. Duk ma'aikacin da ya iso sai ya rubuta sunansa da lokacin da ya zo, ya sa hannu. Da zarar lokaci ya cika, sai babban akawu ya ɗauki jan biro da rula ya ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe. Wanda sunansa ya faɗa ƙasan wannan layi ya makara ke nan. A wasu wurare na'urar da ake dangwala yatsa ta maye gurbin littafin, amma rigimar da ke biyo baya ba ta sake ba. Ranar biyan albashi ma'aikaci yakan tarar kuɗinsa sun ragu, in ya tambaya sai a ce masa na makara ne aka cire, shi kuwa bai san yadda aka yi lissafin ba, bai kuma san ko an zalunce shi ba.

Tushen wannan magana guda ɗaya ne. Akwai bambanci tsakanin ƙin biyan mutum kuɗin lokacin da bai yi aiki ba, da karɓe masa kuɗin lokacin da ya riga ya yi aiki. Na farko lissafi ne, wanda yarjejeniyar aiki ke iya halattawa. Na biyu kuwa tara ce, ko da wane irin suna aka laƙaba mata, kuma doka ta sa mata takunkumi mai tsanani. Duk wanda ya riƙe wannan bambanci zai iya duban kowace irin ƙa'idar makara ya gane ɓangaren da ta faɗa.

Abin da doka ta faɗa

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, take kuma cikin kundin dokokin Tarayya na 2004, ta yi magana a kan cire kuɗi daga albashi a sashe na 5. Sashen ya hana mai ba da aiki ya cire wani abu daga ladan ma'aikaci da sunan tara, in ba inda wata doka ta ba da izini a fili ba. Har wa yau ya hana shi ƙulla yarjejeniya da ma'aikaci a kan irin wannan tara. Wannan gaɓa ta biyu ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Watau ko da ma'aikaci ya sa hannu a takarda cewa ya yarda a riƙa cinsa tara, sa hannun nasa bai halatta ta ba, gama doka ta hana ƙulla yarjejeniyar tun asali. Ƙofa ɗaya sashen ya bari a buɗe: in ma'aikaci ya jawo wa mai ba da aiki hasara da gangan ko ta hanyar sakaci, ana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma sai an sami izini a rubuce daga jami'in ƙwadago mai iko kafin a cire. Sa'an nan sashen ya ƙayyade cewa jimillar abin da za a cire wa ma'aikaci a wata guda kada ta zarce kashi ɗaya cikin uku na ladansa na wannan wata.

Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce da kama aiki, a ciki har da yawan lada, da hanyar lissafa shi, da lokutan aiki. Wannan ya yi daidai da Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1960. Ita ma ta ce ba a cire kuɗi daga lada sai bisa sharuɗɗan da doka ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ta shimfiɗa, kuma wajibi ne a sanar da ma'aikata waɗannan sharuɗɗa.

Sashe na 5 bai ambaci makara da sunanta ba. Saboda haka tambayar da za a yi a kowane hali ita ce: abin da aka cire ɗin nan, kuɗin lokacin da ya salwanta ne, ko kuwa horo ne? Amsar tana cikin lissafi.

Farashin minti guda

Ba shi yiwuwa a yanke kuɗin makara bisa adalci sai an fara sanin nawa ne minti guda na aikin mutumin. Alal misali, a ɗauki wani akawu a wani kamfani, wanda albashinsa na wata naira 105,600 ne. Yana aiki Litinin zuwa Jumma'a, sa'a 8 kowace rana, daga ƙarfe 8 na safe, kuma takardar aikinsa ta ce ana lissafa wata a kan ranakun aiki 22. In aka raba albashin gida 22, ladan yini ya kama naira 4,800. In aka raba wannan gida 8, ladan sa'a guda naira 600 ne. In aka sake raba shi gida 60, minti guda ya tashi a kan naira 10. Wannan naira 10 ita ce mudun da za a auna duk abin da ya biyo baya.

Amma fa akwai tarko a wurin zaɓen adadin da za a raba da shi. Wasu ma'aikatu suna raba albashi gida 30, domin a ganinsu albashin wata ya ƙunshi har da ranakun hutu. In aka bi wannan hanya, ladan yinin akawun nan naira 3,520 ne, na sa'a guda kuwa naira 440. Kowace daga cikin hanyoyin biyu tana da hujjarta, ba kuwa laifi ba ne a zaɓi ɗaya a rubuta ta cikin sharuɗɗan aiki. Inda zalunci yake shiga shi ne a riƙe mudu biyu. Akan sami mai ba da aiki ya raba da 22 sa'ad da zai yanke kuɗin makara, domin sa'a ta yi tsada, sa'an nan ya raba da 30 sa'ad da zai biya kuɗin ƙarin lokaci, domin sa'a ta yi araha. Ma'aikacin ya sayar da sa'arsa a kan naira 440, ana kuma karɓe ta daga hannunsa a kan naira 600. Ɗan kasuwar da ya yi haka da mudun hatsi, kowa ya san sunan da ake kiransa.

Haka kuma ya kamata takarda ta fayyace ko daga ainihin albashi ake lissafin, ko kuwa har da alawus-alawus. Kuɗin gida, alal misali, ba domin mintocin safiya ake biyansa ba, don haka shigar da shi cikin lissafin yana kumbura farashin minti ba tare da dalili ba.

Mintocin rangwame iri biyu ne

Galibin ma'aikatu sukan yi wa ma'aikata rangwamen 'yan mintoci, biyar ko goma ko goma sha biyar, wanda in mutum ya iso a cikinsu ba a ɗauke shi ya makara ba. Dalilin wannan ba tausayi kaɗai ba ne. Agogo biyu ba su cika yin daidai ba, kuma in mutum hamsin suka iso tare, na ƙarshe a layin sa hannu zai rubuta lokacin da ya wuce lokacin isowarsa. Rangwamen shi ke shanye irin wannan kuskure, ya kuma hutar da ofis daga gardama a kan minti biyu.

Matsalar ita ce jimlar nan da akan rubuta, "an yi rangwamen minti 10", tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma sau da yawa ba a faɗin wadda ake nufi. Ma'ana ta farko ita ce an yafe minti 10 ɗin ɗungurungum, sai daga ƙarfe 8 da minti 10 za a fara ƙirga makara. Ma'ana ta biyu ita ce minti 10 ɗin ƙofa ce kawai: wanda ya shigo kafin a rufe ta ya tsira, wanda ya makara har aka rufe kuwa, za a koma a ƙirga masa tun daga ƙarfe 8.

A koma ga akawun nan. A cikin wata guda ya makara sau biyar. Rana ta farko ya iso da minti 7 bayan ƙarfe 8, ta biyu da minti 9, ta uku da minti 12, ta huɗu da minti 25, ta biyar da minti 40. Ranaku biyu na farko suna cikin rangwame, babu abin cirewa ta kowace hanya. Saura uku. Bisa ma'ana ta farko, za a ɗebe minti 10 daga kowace, a sami minti 2, da 15, da 30, jimilla minti 47, watau naira 470. Bisa ma'ana ta biyu, za a haɗa 12 da 25 da 40, a sami minti 77, watau naira 770. Bambancin naira 300 ne, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Fahimtar jimlar ce ta sha bamban.

Duka hanyoyin biyu suna cikin iyaka, domin ko ta biyun ba ta karɓi fiye da lokacin da ya salwanta da gaske ba. Amma ta farko ta fi santsi. A ƙarƙashinta wanda ya iso da minti 11 zai rasa naira 10 kacal. A ƙarƙashin ta biyu kuwa, wanda ya iso da minti 10 bai rasa kome ba, abokinsa da ya biyo shi da minti guda ya rasa naira 110. A kan wannan minti guda ne ake yawan faɗa da mai riƙe da littafi, a nan ne kuma roƙo da son kai ke samun ƙofa. In kuwa takarda ba ta fayyace ba, to, akwai tsohuwar ƙa'idar fassara yarjejeniya wadda ke cewa kalma mai harshen damo ana fassara ta ne ta fuskar da ba ta fifita wanda ya rubuta ta ba. Tun da mai ba da aiki ne ya rubuta, ma'ana ta farko ce ta fi cancanta a bi.

Wata al'ada kuma ita ce ta dunƙule mintoci zuwa kwata ko rabin sa'a domin sauƙin lissafi. A zamanin da akawu ke yin kome da hannu wannan yana da uzuri. In za a yi shi, sai a yi shi ta fuska biyu: mintocin da ba su kai rabin kwata ba a zubar da su, waɗanda suka zarce a cika su. Amma in kullum sama ake cikawa, minti 12 ya zama 15, 25 ya zama 30, 40 ya zama 45, to, akawun ya biya kuɗin minti 90 alhali 77 ya ɓata. Minti 13 ɗin da suka hau kai ba na makara ba ne.

Inda lissafi ya koma tara

Yanzu a ɗauka kamfanin ya kafa wata ƙa'ida daban, irin wadda ake yawan gani manne a allon sanarwa: duk wanda ya wuce mintocin rangwame, za a yanke masa ladan rabin yini. Rabin yinin akawun naira 2,400 ne, sau uku ya zama naira 7,200. An riga an ga cewa iyakar abin da ya salwanta naira 770 ne. Ragowar naira 6,430 ladan minti 643 ne, kusan sa'a 11, waɗanda mutumin ya zauna a teburinsa ya yi aiki, kamfanin ya amfana da aikin, ya kuma ƙi biya. A ranar da ya makara da minti 12, ya yi aikin sa'a 7 da minti 48, aka biya shi na sa'a 4. Wannan ragowa ita ce tarar da sashe na 5 ya hana. Haka hukuncin yake ga ƙa'idar da ke cewa makara uku daidai take da fashin yini guda, da wadda ke ɗora ƙayyadadden kuɗi, kamar naira 1,000 a kan kowace makara, ba tare da duban tsawonta ba.

Alamar da ake gane tara da ita a bayyane take: kuɗin ba ya tafiya da tsawon lokacin. In wanda ya makara da minti 12 da wanda ya makara da sa'a 2 za su rasa abu ɗaya, to, ba lokaci ake aunawa ba, tsoratarwa ake yi. Dokar yarjejeniya ta daɗe da sanin wannan bambanci. A shari'ar kamfanin Dunlop ta 1915, wadda kotunan ƙasar nan suka daɗe suna kafa hujja da ita, alƙalan Ingila sun rarrabe tsakanin kuɗin da aka ƙiyasta tun farko domin su rufe hasara ta gaskiya, da kuɗin da aka ɗora domin razana ɗaya ɓangaren. Daga cikin alamun da suka ambata akwai ɗora kuɗi iri ɗaya a kan ƙaramin laifi da babba.

Ban da haramcinta, irin wannan ƙa'ida takan cuci wanda ya kafa ta. Ma'aikacin da ya duba agogo a hanya ya ga ya riga ya wuce mintocin rangwame ya san rabin yininsa ya tafi, ko ya iso yanzu ko da azahar. Me zai sa ya yi sauri? Sai ya karkata ya gama sha'aninsa, ya zo da tsakar rana. Ta haka ƙa'idar da aka kafa don maganin makarar minti 15 take haifar da ta sa'a 4.

Sauran hanyoyin saɓa yarjejeniya

Ko da lissafi ya fita daidai, yankan yana iya zama saɓa alkawari ta wasu fuskoki. Ta farko ita ce canza sharaɗi ta ɓangare guda. Albashi ginshiƙin yarjejeniya ne. In takardar ɗaukar aiki ta ce albashin wata kaza ne, ba ta kuwa ambaci yanke kuɗin makara ba, manna sanarwa a allo ba ya isa ya sake wannan sharaɗi. Sai an nemi yardar ma'aikaci ko ta ƙungiyarsa, an kuma rubuta. Sabuwar ƙa'ida kuwa gaba take duba, ba ta waiwaye. Ba a kafa ta a ƙarshen wata sa'an nan a buɗe littafi a cire kuɗin makarar farkon wata. Haka nan rangwamen da aka shekara da shekaru ana yi, kowa ya san da shi, ba a janye shi da dare ɗaya ba tare da sanarwa ba, gama ma'aikaci yana da hujjar cewa ya zama ɓangare na sharuɗɗan da yake aiki a kansu.

Ta biyu ita ce karɓar abu ɗaya sau biyu. In akawun ya makara da minti 40, shugabansa ya umarce shi ya tsaya bayan tashi ya rama su, ya kuwa rama, to, kamfani ya karɓi cikakkiyar sa'a 8. In aka sake yanke masa naira 400, an ci shi tara ke nan. Mai ba da aiki yana da zaɓi tsakanin ramuwa da yanka, amma ba ya haɗa su.

Ta uku ita ce makarar da mai ba da aiki ne sanadinta. In motar kamfani ce ke ɗauko ma'aikata ta kuwa lalace a hanya, ko na'urar ƙofa ta ƙi karɓar yatsa, ko an aiki mutum wani wuri kafin ya iso ofis, to, shi a shirye yake ya yi aiki, ba daga wajensa cikas ya fito ba. Ba a ɗora masa kuɗin wannan lokaci.

Ta huɗu ita ce zarce iyakar kashi ɗaya cikin uku. Ga akawun nan iyakar naira 35,200 ce. Naira 770 ba ta kusa da ita, amma iyakar ta shafi jimillar abin da ake cirewa ne, ba kowane abu shi kaɗai ba. Mutumin da ake riga ana cire masa bashin da ya ci a ofis yana iya zama dab da iyaka, don haka akawun albashi mai hankali yakan tara kome wuri guda ya duba kafin ya ƙara wani yanka.

Matsayin ma'aikatan gwamnati

Dokar Ƙwadago ba ta rungumi kowa ba. Sashe na 91 ya bayyana ma'aikaci da mai aikin ƙarfi ko aikin akawu, ya kuma fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na zartarwa da na ƙwararru. Waɗannan abin da ke kāre su shi ne takardar aikinsu, ga na gwamnati kuwa, Dokokin Aikin Gwamnati. A cikin waɗannan dokoki yawan makara laifi ne na rashin ɗa'a, kuma yana da hanyarsa: a ba jami'i takardar tuhuma, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce, hukumar da ke da ikon horo ta duba amsar, sa'an nan ta yanke hukunci daga cikin waɗanda dokokin suka tanada. Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985 cewa inda doka ce ta shimfiɗa sharuɗɗan aikin mutum, tilas a bi hanyar horon da ta shata. Wannan shari'a a kan raba mutum da aikinsa take, amma darasinta ya isa nan: shugaban sashe ba shi da ikon ƙago tara daga kansa, ya umarci ofishin kuɗi ya cire.

Wannan ya nuna cewa hana tara bai ɗaure hannun mai ba da aiki ba. Makarar da ta zama ɗabi'a ana maganinta da gargaɗi na baki, da na takarda, da tuhuma, har ta kai ga sallama in sharuɗɗan aiki sun ba da dama aka kuma bi su sau da ƙafa. Horo yana da hanyarsa, lissafin lada yana da tasa, cakuɗa su ne ke kai mutane kotu.

Ma'aikacin da ya ga albashinsa ya ragu, abin da ya kamace shi shi ne ya nemi a ba shi a rubuce ranakun da aka ce ya makara, da mintocin kowace rana, da farashin minti da aka yi amfani da shi, da sakin layin takardar aikinsa da ya ba da izinin yankan. Sai ya ninka mintocin da farashin, ya gwada da abin da aka cire. In sun yi daidai, magana ta ƙare. In abin da aka cire ya fi, sai ya rubuta koke ga ofishinsa, ya ajiye kwafi, ya sanar da ƙungiyarsa. In ba a gyara ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, bayansa kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki. Akawun da aka yi misali da shi, in ya je can da takardunsa, ba zai musanta cewa ya makara ba. Zai amsa bashin minti 77, ya nemi a mayar masa da ladan minti 643.